Me ya sa raba matiriks gunduwa-gunduwa yake ƙara saurin lissafi?

Tambaya: Na rubuta manhaja da ke ninka matiriks biyu masu layin kwance 1024 da layin tsaye 1024 kowanne, amma tana jan ƙafa. An ce in yanka su gunduwa-gunduwa. Shin hakan yana rage lissafin ne?

Amsa: Ba ya ragewa ko kaɗan, ninkawar tana nan sama da biliyan ɗaya. Abin da yake raguwa shi ne zirga-zirgar ɗauko lambobi, kuma a nan ne lokacinka yake tafiya.

Idan ka yanka matiriks ɗinka biyu, A da B, gida huɗu-huɗu, kowace gunduwa za ka ɗauke ta tamkar lamba guda, ta yadda gunduwar farko ta sakamakon, wato C, za ta fito haka:

```
C11 = A11*B11 + A12*B21
```

Sharaɗin shi ne, inda ka yanka layukan tsaye na A, a nan za ka yanka layukan kwance na B, in ba haka ba gunduwoyin ba za su ninku ba. Kada kuma ka sauya jeri, domin `A11*B11` daban yake da `B11*A11`.

Matiriks ɗinka guda yana cin megabayit 8, tunda kowace lamba bayit 8 ce, alhali ƙaramar ma'adana mafi sauri da ke cikin furosesa, wadda ake kira kash, a yawancin kwamfutoci ba ta wuce kilobayit 32 zuwa 48 ba. Akasarin harsunan manhaja suna jera lambobi layin kwance bayan layin kwance, saboda haka idan kana gangarawa layin tsaye na B, tsakanin lamba da ta ƙasanta akwai tazarar bayit 8192. Furosesa yakan ɗauko bayit 64 a tashi ɗaya, wato lambobi takwas, ya yi aiki da guda, kafin ya waiwayi sauran kuma sau da yawa an riga an ture su waje.

To, gwada gunduwa mai 32 sau 32. Girmanta kilobayit 8 ne, kuma guda uku, ta A da ta B da ta C, sun kama kilobayit 24, wanda kash zai riƙe gaba ɗaya. A wannan hali kowace lambar da aka ɗauko sai ta yi aiki sau 32 kafin ta fita. Idan ka zarce zuwa 64 sau 64, ukun za su kai kilobayit 96, su fi ƙarfin wannan ma'adana, ribar ta fara raguwa.

Wurin da na fi so ka kula shi ne gefe. Da layukan 1000 ne, 32 za ta shiga sau 31, takwas su yi saura, kuma manta wannan ragowar yakan bar layukan ƙarshe na sakamakon da sifili. Ka gwada manhajar da ƙaramin matiriks da bai rabu daidai ba, ka kwatanta da abin da `A @ B` ya bayar a NumPy, kayan aikin lissafi na harshen Python, ka kuma yi haƙuri da ɗan bambanci a lambobin ƙarshe bayan ɗigo, domin jerin tarawar ya sauya.