Wasiƙar sabon tsarin zuba jari: a yi lissafi a jadawali kafin a rubuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta zuba jari, mu goma sha biyu ne, kowa yana zuba kuɗi duk wata. Kwamiti ya yanke cewa daga yanzu ƙa'ida za a bi wajen saye da sayar da hannun jari, ba ra'ayin wani ba. An ce in rubuta wa membobi wasiƙa in bayyana tsarin da iyakar asarar da aka yarda da ita. Da waya da kwamfuta nake aiki. Ta ina zan fara, kuma yaya zan yi lissafin don kada in rubuta abin da ba haka yake ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Ajiye wasiƙar tukuna, ka buɗe Google Sheets ko Excel. Duk ƙa'idar da kwamiti ya ba ka, gwada mayar da ita fomula a cikin gurbi guda. Idan ta ƙi shiga, har yanzu ra'ayi ce, sai ka mayar wa kwamiti su ƙarasa ta. "Za mu saya idan kasuwa ta yi kyau" ba ta shiga gurbi. "Za mu saya idan farashin rufe kasuwa na ranar ƙarshe ta mako ya haura matsakaicin farashin kwanakin ciniki 200 da suka wuce" tana shiga. Tunda ba ka faɗi ƙa'idarku ba, da wannan ta biyun za mu yi misali, domin sananniya ce kuma lissafinta ba wuya.

A shafin farko na jadawalin, zuba kwanan wata a jerin A, farashin rufewa a jerin B, mafi daɗewa a sama, layin farko kuma na kanu. Sai ka sauka layi na 201, ka rubuta ta farko a C201, ta biyu a D201, ka ja su ƙasa:

```
=AVERAGE(B2:B201)
=IF(B201>C201,"SAMA","KASA")
```

Ka lura kwanakin ciniki ake ƙirgawa, ba na kalanda ba. Kasuwa ba ta ci a ƙarshen mako da ranakun hutu, don haka kwana 200 na ciniki ya haura wata tara. Akwai kuma tarkon da ke kama mutane a ɓoye: idan ka kwafo farashi daga wani wuri, wasu lambobin kan shigo a matsayin rubutu, `AVERAGE` kuma tsallake su take yi ba tare da ta ce uffan ba. Za ka gane su da mannewa gefen hagu na gurbi, alhali lamba ta gaskiya dama take bi. Rubuta `=COUNT(B2:B201)` a gefe. In bai ba ka 200 cif ba, matsakaicin da kake gani ba na kwana 200 ba ne. Haka nan idan kamfani ya raba kowane hannun jari gida biyu, farashi zai koma rabi a dare ɗaya ba tare da kowa ya yi asara ba, jadawalin kuma zai ce "KASA" in ba a gyara tsoffin farashin ba.

Yanzu iyakar asara, wadda ita ce membobi za su fi tsayawa a kai. A ce asusun ƙungiya 1,000,000 ne, ko da wane irin kuɗi kuke aiki. Kwamiti ya ce kada saye ɗaya ya jawo asarar da ta wuce kashi 1 cikin 100 na asusu, wato 10,000, kuma kada kamfani ɗaya ya ɗauki fiye da kashi 10 cikin 100, wato 100,000. Kuna son sayen hannun jarin da ke kan 50, kun kuma yarda za ku sayar idan ya faɗi da kashi 8 cikin 100, wato ya kai 46. Kowane hannu ɗaya yana iya cinye 4 ke nan. Raba 10,000 da 4, ka sami hannu 2,500. Sai dai hannu 2,500 a kan 50 ya kama 125,000, ya tsallake iyaka ta biyu. Iyakar kamfani ɗaya hannu 2,000 kaɗai ta yarda da shi, kuma ƙaramar lamba ake ɗauka kullum. A sabon shafi, sa asusu a B1, 0.01 a B2, 0.1 a B3, farashin saye a B4, farashin fita a B5, sannan:

```
=MIN(ROUNDDOWN(B1*B2/(B4-B5),0),ROUNDDOWN(B1*B3/B4,0))
```

Amsa 2,000 za ta fito. In fomula ta ƙi karɓuwa gaba ɗaya, duba saitin yankin jadawalin, domin a wasu yankunan `;` ake sawa a maimakon `,`.

Da hannu 2,000, asarar da aka tsara 8,000 ce. A nan ne masu rubuta irin wannan wasiƙa suka fi yin kuskure, sai su rubuta cewa ƙungiya "ba za ta yi asarar da ta wuce kashi 1 cikin 100 ba". Wannan alkawari ne da ba wanda zai iya cikawa. Umarnin da ake bar wa dillali cewa ya sayar idan farashi ya taɓa 46 bai ce za a sami mai saye a kan 46 ba. Idan mummunan labari ya fito bayan an rufe kasuwa, gari ya waye farashi ya buɗe a 40, a nan za a sayar ko ƙasa da haka. Hannu 2,000 sau 10, asara ta zama 20,000, ninki biyu na iyakar, kafin a sa ladan dillali. Haka kuma kamfanoni sukan faɗi tare. In kuna riƙe da takwas irin wannan suka taɓa farashin fita a mako guda, 64,000 ta tafi, ƙa'ida kuma ba wadda aka karya. Gara memba ya karanta waɗannan lambobi biyu a wasiƙarka da ya fara jin su ranar da abin ya faru.

Iyaka ta uku ita ce ta asusun gaba ɗaya: in ya faɗi da kashi 15 cikin 100 daga ƙololuwar da ya taɓa kaiwa, a dakatar da sabon saye, a kira taro. Lissafin nan yana da wani sirri da ya keɓanta da ƙungiyoyi irin taku, saboda kuɗin wata-wata yana rufe asara. Asusu ya sauko daga 1,000,000 zuwa 880,000, sai ku goma sha biyu kowa ya zuba 10,000. Jimilla ta koma 1,000,000, mai kallon jimilla zai rantse ba abin da ya faru, alhali kashi 12 cikin 100 ya salwanta. Maganin shi ne a raba asusu yanki-yanki. Tun farko ku ce yanki 10,000 ne, kowanne a kan 100. Bayan faɗuwar, yanki ya koma 88, sabon kuɗin 120,000 zai sayi yanki kusan 1,364 a wannan farashi, farashin yanki kuma yana nan a 88. Shi za ku riƙa aunawa. In farashin yanki na kowane wata yana jerin C na wani sabon shafi, wannan a D10 zai nuna nisan faɗuwa daga ƙololuwa:

```
=1-C10/MAX(C$2:C10)
```

Kada ka bar alamar `$` ɗin nan. Ita ke riƙe farkon jerin a layi na 2 idan ka ja fomula ƙasa. In babu ita, ƙololuwar baya za ta ɓace daga lissafi, faɗuwar ta fito ƙarama. Ka kuma gaya wa membobi cewa bayan faɗuwar kashi 15, sai an ci ribar kusan kashi 17.6 cikin 100 kafin a koma inda aka baro.

Da waɗannan lambobi a hannu, wasiƙar ba za ta wuce shafi ɗaya ba. Bayan gaisuwa da ranar da tsarin zai fara aiki, zuciyarta tana iya zama kamar haka:

"'Yan uwa membobi, daga wannan rana ma'aji zai duba farashi sau ɗaya a mako, bayan rufe kasuwa a ranar ciniki ta ƙarshe. Hannun jarin da ke cikin jerin da taro ya amince da shi, idan ya haura matsakaicinsa na kwana 200, za a saye shi a ranar ciniki ta gaba. Za a sayar idan ya koma ƙasa da matsakaicin, ko ya faɗi da kashi 8 cikin 100 daga farashin da muka saya, duk wanda ya riga faruwa. Kamfani ɗaya ba zai wuce kashi 10 cikin 100 na asusu ba a ranar saye. Asarar da muka tsara a kowane saye ba ta wuce kashi 1 cikin 100 ba, amma idan farashi ya yi tsalle cikin dare tana iya ninkawa ko ta fi haka. Idan farashin yanki ya faɗi da kashi 15 cikin 100 daga ƙololuwarsa, za a dakatar da saye, a kira taro cikin mako biyu. Ba mai ikon sauya waɗannan lambobi sai taron membobi."

Kalmomin "a ranar ciniki ta gaba" ba ado ba ne. Idan kwamiti ya gwada tsarin a kan farashin shekarun baya, duba ko a jadawalinsu an saya a farashin rufewar ranar da alama ta fito. Wanda ya jira aka rufe kasuwa kafin ya ga alama ba zai iya saye a wannan farashi ba, gwajin da ya yi haka kuwa ya nuna abin da ba a iya samu. In za ka ambaci sakamakon gwaji, faɗi shekarun da ya ɗauka, ko an cire ladan dillali, da mafi munin faɗuwar da aka gani a ciki. Ka ƙara jimla ɗaya a kan raunin wannan ƙa'ida: idan farashi yana ta kai-kawo a bakin matsakaici, za ta sa ku saya ku sayar a jere, kowane zagaye da 'yar asara da ladan dillali, wani lokaci sau da yawa kafin zagaye ɗaya ya yi riba. Lokacin ne za a fara cewa a bar tsarin.

Wajen aikawa, fitar da wasiƙar a PDF mai ɗauke da kwanan wata, don kowa ya riƙe kwafi iri ɗaya. Jadawalin kuma ka ba membobi izinin Viewer kawai, ma'aji shi kaɗai ke da Editor. A kwamfuta, cikin Google Sheets, shiga Data, ka zaɓi Protect sheets and ranges, ka kulle B2 da B3 na shafin iyakar asara ta yadda ko ma'aji ba zai taɓa su ba. In wata rana aka yi gardamar wa ya sauya lamba, File sannan Version history zai nuna sunan wanda ya yi gyaran da lokacin da ya yi shi.