Wanne aiki ne ke riƙe gyaran banɗaki?

"Zan gyara banɗakina, kowane ma'aikaci na cewa nasa ne farko. Yaya zan gane aikin da zai ja mini lokaci?"

Malam, ɗauki takarda ka rubuta kowane aiki da kwanakinsa, a gefensa kuma aikin da dole a gama kafin a fara shi.

A ce fasa tsohon tayil kwana 2 ne. Mai famfo zai binne bututu a kwana 2, sai kwana 1 na gwaji, a cika ruwa a ga ko yana yoyo. Filasta kwana 2, ka ba ta kamar mako guda ta bushe, tayil kwana 3, ɗaura kwanon wanke hannu da famfuna kwana 1. Kowanne yana jiran na gabansa, jimilla kwana 18. Wannan layi mafi tsawo shi ke yanke ranar gamawa, kwana ɗaya ya zame a cikinsa, ranar ta matsa.

Mai wayarin kwana 1 yake buƙata tsakanin fasa da filasta, alhali aikin bututu da gwajinsa kwana 3 ne, don haka yana da rarar kwana 2. Kafinta kuwa, in ya auna ƙofa bayan fasa ya ce kwana 10, rararsa kwana 5 ce, tunda sai ranar ƙarshe za a kafa ta. Ya wuce haka, shi kowa zai zauna jira.

Inda aka fi cin karo shi ne bushewar filasta. Ba a rubuta ta saboda babu mai aiki a wurin, sai a kira mai tayil da wuri. Daga baya ka ƙwanƙwasa tayil ka ji holoƙo, ko ya fara ɓallewa.