Ta Ina Buƙatar Shafin Intanet Take Bi Kafin Ta Isa Sabar?

Tambaya: A silayid ɗin darasinmu an zana hawa-hawan sadarwar intanet, HTTP a hawan sama, kuma ga kibiya daga HTTP na kwamfutata kai tsaye zuwa HTTP na sabar. To in haka ne, me ya kai saƙon ƙasa?

Amsa: Wannan kibiyar ta kwance ba hanya ba ce. Abin da take nufi shi ne, abin da hawa ɗaya ya rubuta, takwaransa na can ne zai karanta shi. Saƙon kuwa sauka yake yi har waya ko iska, sannan ya hau a ɗaya ɓangaren. A ganina masu zana silayid ba sa kyautawa da suke barin wannan ba bayani.

Mu ɗauka kwamfutarka `192.168.1.10` ce, rautar gida, wato na'urar da ke haɗa gidan da intanet, `192.168.1.1`, sabar kuma `203.0.113.5`. Tun kafin buƙatar ta fita, DNS, mai fassara sunan shafi zuwa lamba, ya nemo lambar sabar, TCP kuma ya yi gaisuwarsa uku: SYN, SYN-ACK, ACK. Sai burawuza ta rubuta:

```
GET /index.html HTTP/1.1
Host: example.com
```

A ce duka buƙatar bayit 400 ce. TCP zai ɗora mata aƙalla bayit 20 a gaba, ciki har da lambar ƙofa 80. IP ya ƙara nasa 20 masu ɗauke da adireshinka da na sabar, ta zama 440. Ethernet ya sa 14 a gaba da 4 a baya na gano kuskure, jimilla 458 ke nan.

Inda ɗalibai suka fi ruɗewa shi ne adireshin MAC da ke cikin waɗannan 14, wato lambar katin sadarwar na'urar da za a miƙa wa saƙon. Ba na sabar ba ne. Kwamfutarka ta duba ta ga sabar ba ta cikin gidanku, don haka ta yi amfani da ARP ta tambayi MAC na rauta, shi ta rubuta. Rauta za ta cire abin da Ethernet ya sa gaba ɗaya, ta duba adireshin IP, ta rage ɗaya daga TTL, wato lambar da ke iyakance yawan rautocin da saƙon zai iya ratsawa, ta naɗe fakitin da sabon MAC na rauta ta gaba. Kamar buhun da ake sauya wa mota a kowace tasha ne, amma sunan mai karɓa yana nan a jikinsa. Rautar gida dai takan maye adireshinka da na waje ta hanyar NAT, na sabar kuwa yana nan yadda yake.

In kana son gani da idonka, buga `tracert example.com` a Windows. Yana tura fakiti da TTL 1, sannan 2, sannan 3, kowace rautar da TTL ya ƙare a hannunta sai ta maido da saƙo, da haka kake ganin adireshinta. Layin da ya nuna `*` ba lallai matsala ba ce, wasu rautoci ba sa amsawa ne kawai.