Na ɗora bidiyon gwate a YouTube, amma ko ni ba na ganinsa idan na nema

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Unguwar Rogo, Jos. Na ɗora bidiyon yadda ake gwaten acca, minti tara, na sa masa suna "Girki na musamman kashi na 7". Wata guda ke nan, 'yan uwana kaɗai suka kalla. An ce in ƙara Tags da yawa. Shi ne maganin?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ki bar batun Tags, wato kalmomin nema da ake liƙa wa bidiyo, tukuna, ciwon yana jikin sunan bidiyon. Matar da ke Abuja tana marmarin gwaten da ta saba sha a gida ba za ta rubuta "girki na musamman" ba. Abin da za ta buga shi ne "yadda ake gwate" ko "gwaten acca". Injin nema yana gwada kalmomin da ta buga da waɗanda ke cikin sunan bidiyo da bayaninsa, kuma naki sunan ko kalmar gwate babu a ciki.

Kafin ki sauya komai, buɗe YouTube ki fara rubuta "yadda ake gwa" a wurin nema, ki tsaya. Jimlolin da za su sauko ƙasa daga abin da mutane ke nema aka samo su, daga ciki za ki zaɓa. YouTube ya ba da harafi 100 ga suna, amma a waya akan yanke dogon suna, shi ya sa sunan abincin zai zo a gaba. Ni da zan rubuta miki, cewa zan yi: "Yadda ake gwaten acca irin na Jos, da yakuwa da gauta". Shi kuwa "kashi na 7" ya koma can ƙarshe, ko ki cire shi baki ɗaya, domin baƙuwa ba ta san da kashi shida na baya ba. Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki yi alkawarin abin da babu a bidiyon. In kin ce da gauta, a ga gauta, domin mai kallon da ta ji an yaudare ta fita take yi nan take, kuma hakan yana rage yawan nuna bidiyon.

Wurin bayani yana ɗaukar harafi 5,000, sai dai layukan farko kaɗai ake gani kafin a taɓa don buɗe sauran. Da yawa daga cikinmu da gaisuwa da roƙon a bi tasha muke cika wannan wurin, kuma abin yana ba ni takaici, domin wuri mafi tsada ke nan. Ki fara da jimla biyu irin na hira: wane abinci ne, na mutum nawa, da me aka yi shi. Sai kayan haɗi da awonsu, gaisuwa ta biyo baya.

A cikin bayanin nan ne kuma ake raba bidiyo babi-babi. Ga misali, ki daidaita lokutan da naki:

```
00:00 Kayan haɗin gwate
01:20 Wanke acca da rege tsakuwa
03:45 Dafa nama da ƙashi
06:10 Zuba acca da ganye
08:05 Yadda za a gane ya nuna
```

Sharuɗɗan uku ne. Na farko dole ya fara daga 00:00, babin su kai uku a jere daga ƙarami zuwa babba, kuma kowanne ya kai daƙiƙa 10. Idan kin adana amma layin da ke ƙasan bidiyon bai rarrabu ba, mai yiwuwa ɗaya daga cikin ukun ne ya karye, ki fara duba na farkon. Ki ba kowane babi suna mai ma'ana, ba "mataki na biyu" ba, domin akwai wadda rege accan kaɗai ke ba ta wahala, can za ta nufa kai tsaye.

To, yanzu Tags. YouTube da kansa ya ce rawarsu kaɗan ce, sai dai inda ake yawan saɓa rubutun kalma. Mu Hausawa kuwa nan suke mana rana: wani ya rubuta gwate, wani gote, wani gwote, wani acca, wani acha. Ga kuma ƙ da ɗ da ɓ da mutane da yawa ke bugawa ba lanƙwasa. Ki zuba waɗannan siffofin, bakwai ko takwas sun isa, ko da yake wurin na ɗaukar harafi 500. Sunan wani abincin da ba shi a bidiyon kada ya shiga, saɓa ƙa'idar YouTube ne.

Bayan gyaran ki ba shi kamar mako biyu, sannan ki shiga YouTube Studio, ki buɗe Analytics na bidiyon, wato shafin ƙididdigar masu kallo, ki duba YouTube search a cikin hanyoyin da masu kallo suka biyo. Idan sun ɗan taru, za ki ga ainihin kalmomin da suka buga. In kika tarar "gote" ta fi kawo mutane, ki shigar da ita cikin jimlar farko ta bayanin. In kuwa ana nuna bidiyon da yawa amma ba a taɓawa, hoton bangon za ki canza, ki sa kwanon gwaten a kusa yadda ganyen zai fito sosai.