Karma da dharma: me suke nufi tun asali?

Tambaya: Malam, ina yawan ganin masu rubutu da Turanci suna cewa "karma ta kama shi" idan mugu ya gamu da masifa. Haka ma'anar take a asali? Dharma kuma fa?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da suke nufi ya fi kusa da alhaki a Hausa, wanda muke cewa kwikwiyo ne, mai shi yake bi. A harshen Sanskrit na tsohuwar Indiya kuwa, karma aikin ne kansa, daga tushen "kri", wato yi. A Weda, tsoffin littattafan addinin Hindu, yawanci aikin ibada take nufi, kamar zuba hadaya a wuta. Sakamakon aikin sunansa daban, "phala", wato ɗan itace. Masu Turanci sun ɗauki sunan shukar sun ba girbin.

Daga baya, a littattafan Upanishad, aka faɗaɗa ma'anar. An ruwaito malami Yajnawalkya yana cewa mutum da kyakkyawan aiki yake zama nagari, da mummuna yake zama mugu. Nan aka ɗaure karma da aƙidar sake haihuwar mutum bayan ya mutu, kuma wannan ne abin da ya fi ɓacewa a bakin masu Turanci. A ce ɗan kasuwa ya tauye mudu da safe, da yamma ɓarawo ya yashe shi. Mai Turanci zai ce karma ce. Malamin Hindu zai ce tauye mudun shi ne karma, sakamakonsa na iya jira sai a wata rayuwa, satar kuma wataƙila sakamakon wani tsohon aiki ce. Buddha ya ƙara da cewa niyya ita ce karma, don haka wanda ya taka ƙwaro bai sani ba, ba ɗaya yake da wanda ya taka da gangan ba.

Dharma ta fi wuyar fassara. Tushenta "dhri", riƙewa ko tallafewa, wato abin da ke riƙe da tsarin duniya da na jama'a. Ta ƙunshi doka, farilla da halin da ya dace. A littafin Hindu mai suna Bhagawad Gita, jarumi Arjuna ya ƙi yaƙar danginsa, Krishna, abin bautar Hindu, ya tuna masa dharmarsa ta mayaƙi, nauyin da ya hau kansa ta haihuwa da matsayi. Shi ya sa ba na jin daɗin yadda wasu ke amfani da ita a Turanci da ma'anar burin da mutum ya zaɓar wa kansa. Arjuna bai zaɓa ba, so ya yi ya ajiye bakansa.

Mabiya Buddha suna kiran koyarwarsa dharma. Sarki Ashoka na Indiya, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sa an rubuta ta a dutse a Kandahar, a Afghanistan ta yau, da kalmar Girkanci mai nufin tsoron Allah da ladabi. A Hindi ta yau, "dharam" da kake ji a finafinan Indiya sau da yawa addini kawai take nufi.