Yaron da mota ta take a wurin kai amarya

"Yallaɓai, fayil ɗin matashin nan da ya take yaro a Tudun Wada yana wasan mota ranar kai amarya. Sau biyu aka hana shi bai ji ba, shaidu uku kuma sun ce da gangan ya yi. Me zai hana in ba da shawarar a tuhume shi da kisan kai mai hukuncin kisa?"

Tambayar da wani ƙaramin lauyan gwamnati ya yi min ke nan a ofis, ga amsar da na ba shi. Ƙanena, fara da kalmar nan ta shaidunka, don a nan ake yawan zamewa. Bahaushe na cewa "da gangan" yana nufin mutum ya nufi abin, yana kuma cewa "ganganci" yana nufin wasa da haɗari. A bakin mai jin zafin mutuwar yaro duk ɗaya ne, ɗan sanda kuma ya rubuta wanda ya fi tsauri. Ka sa a sake tambayar kowannensu: me ya yi da gangan, juya motar ko take yaron? Na tabbata juya motar za su ce.

Zan yi maka magana da lambobin tsohuwar Final Kod, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, da aka koya maka a makaranta. Jiharmu ta yi tata a 2017, lambobin sun canja, sai ka daidaita kafin ka sa hannu. Sashe na 221, na kisan kai mai hukuncin kisa, ƙofa biyu gare shi. Ko dai mutum ya yi niyyar kashewa, ko kuma ya sani, ko yana da dalilin sani, cewa mutuwa ce abin da aka saba gani ya biyo bayan irin aikinsa. Sashe na 19 ya raba wannan da abin da ka iya faruwa kawai, wato wanda in ya faru mai hankali ba zai yi mamaki ba. Duk shari'arka a tsakanin waɗannan biyun take.

To, auna. Mai wasan mota ya kashe mutum, akwai wanda zai yi mamaki? Babu. Amma mutuwa ce abin da ya saba biyo bayan wasan mota? Kai ma ka san a'a. Bukukuwa nawa aka yi wannan shirme aka watse lafiya? Hanin da aka yi masa sau biyu yana nuna ya san akwai haɗari ya rufe ido, ainihin ganganci ke nan, bai nuna yana son ran wani ba. Wurinsa sashe na 222, ƙaramin sashe na 7, kisa ta hanyar ganganci ko sakaci, hukuncinsa kuma a 224. Kada ka raina shi, yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai.

Abin da zai sa in canja magana, a cikin fayil za ka nemo shi. Akwai 'yar tsama tsakaninsa da gidan su yaron? Zanen 'yan sanda ya nuna tabon taya, alamar ya taka birki ko motar ta ƙwace masa, ko kuwa ya miƙe ne kai tsaye? Bayan ya buge shi, ya tsaya ya ɗauke shi zuwa asibiti, ko ya yi baya ya sake bi ta kansa? A ina yaron yake tsaye? Da a ce ya saita motar a guje cikin cincirindon 'yan biki don ya tarwatsa su, ko bai nufi kowa ba ƙofa ta biyu ta kama shi, ni da kaina zan rubuta 221. Amma a fayil ɗinka motar ta sulle ne ta hau bakin kwalbati inda yaron ke tallan gyaɗa.

Za ka ce ai kotu na iya saukowa da kanta ta kama shi da ƙaramin laifin. Haka ne, amma dubi abin da za a biya kafin nan. Beli ya zama sai Babbar Kotu, shi ma da ƙyar. Ko ya amsa laifi, alƙali zai rubuta bai amsa ba, don haka ake yi a laifin da hukuncinsa kisa ne, sai an bi shaidu ɗaya bayan ɗaya. Kafin nan shekaru sun ja, an yi wa ɗan sandan da ya yi bincike canjin wurin aiki, maƙwabta sun gaji da zirga-zirga. Ga kuma sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 a wuyanka: tabbatarwa ba tare da kokwanto mai ma'ana ba. Lauyan da ke kare shi tambaya ɗaya zai yi wa shaidanka na farko, "Ka taɓa ganin sun yi faɗa?" Ya ce a'a, niyya ta rushe, alƙali kuma ya fara kallon sauran hujjojinka da shakka.

Ina sabon shiga na taɓa yin irin wannan, don mahaifin mamaci ya zauna a ofishina yana kuka. Shekara huɗu muna jeka-ka-dawo, shaidu biyu suka ɓace, aka sallami wanda ake tuhuma. Da ƙaramar tuhumar na kai, da ya amsa tun zaman farko.

Nemo rahoton likita da na jami'in duba motoci, ban gan su a fayil ɗin ba. Ka rubuta shawarar a kan 222, ka kawo min ranar Litinin.