Mitar motata ta nuna 186 a tafiyar kilomita 300: ta lalace ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi mota da aka shigo da ita daga Amurka, na yi tafiyar kilomita 300 da ita. Kafin in tashi na raba 300 da 80 a kalkuleta, ta ba ni 3.75, na ce awa uku da minti saba'in da biyar ke nan. Na riƙe allura a kan 80 kusan duk hanya, amma cikin awa biyu da rabi na isa, kuma mitar nisa 186 kawai ta ƙaru. Wani bakanike ya ce mitar ce ta lalace, in kawo ya gyara, wai 80 ai 80 ce a kowace mota. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bari kowa ya sa sukundireba a mitar nan, lafiyarta ƙalau. Ka gode wa Allah da ka sauka lafiya, don gudun da ka yi ya kusa kilomita 130 a awa, kana zaune kana ganin kamar 80 kake yi.

Motarka da mil take ƙirgawa. Mil ɗaya kilomita 1.609344 ne daidai, haka aka tsayar da shi tun 1959, kuma a lissafin hanya 1.6 ta wadatar. Ka ninka 186 ɗinka da 1.6, za ka sami kusan 298. Ka ninka da 1.609, za ka sami 299 da 'yan kai. To ga kilomita 300 ɗinka nan, mita ba ta ci maka ko ɗaya ba. Da ta lalace, ai da wuya ta lalace ta kuma faɗo daidai kan wannan adadi.

Allurar gudu ma haka take. Ka je ka leƙa fuskar agogon da kyau, za ka ga an rubuta MPH, wato mil a awa. A yawancin motocin Amurka da na Birtaniya lambobin layi biyu ne: manya a waje su ne mil, ƙanana a ciki an rubuta musu km/h. Ido kuwa manyan yake kamawa. Inda allura ta hau 80 ta waje, idan ka duba ƙananan za ka ga ta kusa 130.

Yanzu bari mu zo kan zancen "80 ai 80 ce a kowace mota", don wannan magana ita ce ta fi damuna a cikin tambayarka baki ɗaya, kuma kullum sai na ji ta daga bakin wani. Lamba ba ta da ma'ana sai an faɗi abin da take ƙirgawa. Tamanin na me? Mil 80 a awa kilomita 128.7 ne a awa. Mutum zai ce to ai ɗan ƙari ne, rabi ne da ɗoriya. A kan takarda haka ne. A kan titi, birki ba ya bin wannan lissafi. Nisan da mota ke ci bayan ka taka birki yana ƙaruwa ne da gudun sau kansa: idan gudu ya ninka sau 1.6, nisan tsayawa ya ninka 1.6 sau 1.6, wato kusan sau biyu da rabi, har da ɗoriya. Inda ka saba tsayawa cikin tsawon mita 40, yanzu kana buƙatar fiye da mita 100, da taya ɗaya, da birki ɗaya, a kan kwalta ɗaya.

Kuma wannan bayan ka taka ne. Kafin ƙafarka ta bar totur ta kai birki, mota tana ci gaba da tafiya yadda take. A gudun kilomita 80 tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. A gudun da ka yi, kusan mita 36. Ka ɗauka wani abu ya faɗo titi mita 70 a gabanka, ka ɗauki daƙiƙa ɗaya kafin ka ankara. Mai kilomita 80 na gaske yana da damar tsayawa da ƙyar. Kai kuwa rabin filin ya tafi tun ba ka taɓa birki ba, sauran kuma bai kai ko rabin abin da kake buƙata ba.

Abin da ya sa kuskuren nan ke daɗewa ba a gano shi ba, mota mai kyau tana ɓoye gudu. Gilashi a rufe, sanyi na kaɗawa, injin ba ya kuka, sai ka ga kana ta wuce kowa kana cewa mutanen nan ba su iya tuƙi ba. Wannan ita ce alama ta farko: idan allura na kan lambar da allon hanya ya ce, amma kai ne kake ta wuce motoci ɗaya bayan ɗaya, to ka zargi agogonka kafin ka zargi mutane. Allon da ya ce 50 a cikin gari, a ƙasar da ke aiki da kilomita, mil 31 ne. Wanda ya ɗora allura a kan 50 ta MPH yana ratsa gari ne da kilomita 80 a awa, kuma a ransa yana ganin shi mai bin doka ne.

Shi kuma bakanikenka, ban san abin da zai gyara ba. Mutumin da bai iya karanta haruffa uku da ke jikin agogo ba, shi ne zai kwance shi? Irinsu ne ke buɗe mita su murɗa allura, ko su ɗora wata fuskar agogon da ba ta motar ba, a tashi da mitar da ba ta mil ba, ba ta kilomita ba. Kafin nan aƙalla kana da lambar gaskiya da za ka iya juyawa. Bayan "gyaran" sai dai ka yi ta tafiya da ka. Idan agogon naka mai allo ne da ke nuna lambobi, sau da yawa akwai wurin sauyawa a cikin saitin motar, ka duba littafinta, ba sai an kwance komai ba.

In kana son ka tabbatar da idonka, ka sami wanda zai zauna kusa da kai da agogo a hannu, a hanya miƙaƙƙiya mai alamun kilomita. Ka riƙe allura a kan 60. Idan kilomita take ƙirgawa, daga alama zuwa alama minti ɗaya ne cif. Idan mil ce, daƙiƙa 37 za ku gani. Tazarar tana da yawa, ba ta bar wurin gardama ba. Manhajar taswira ta waya ma tana nuna gudu, amma abokin tafiyar ne zai duba, ba kai da ke riƙe da sitiyari ba.

Juyawa da ka ba wuya. Daga mil zuwa kilomita, ka ɗauki lambar, ka ƙara rabinta, ka ƙara kashi ɗaya cikin goma nata: 80 da 40 da 8, ya zama 128. Daga kilomita zuwa mil, ka tuna kilomita 8 mil 5 ne: ka raba da 8 ka ninka da 5. Kilomita 80 ya zama mil 50, kilomita 120 ya zama mil 75. Kuskuren wannan hanya bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Hatsarinta ɗaya shi ne mutum ya juya ta baibai, ya ninka inda ya kamata ya raba. Mil ya fi kilomita tsawo, saboda haka a tafiya ɗaya lambar mil ce ƙarama kullum. In ka juya kilomita zuwa mil ka ga lamba ta ƙaru, ka sake.

Sai maganar 3.75. Kalkuleta ba ta san awa na da minti 60 ba, ita kashi ɗari take raba komai. Abin da ke bayan ɗigo yanki ne na awa, sai ka ninka shi da 60 kafin ya zama minti: 0.75 × 60 = 45. Amsar da ta ba ka awa uku da minti 45 ce. Naka karatun na minti 75 ya kai ka awa huɗu da kwata, ka ƙara wa kanka rabin awa da babu ita. Abin riƙewa a nan, kowane 0.1 na awa minti 6 ne. Don haka 0.5 minti 30, 0.25 minti 15, 0.2 minti 12.

Wajen shigar da awa da minti cikin kalkuleta ma ana faɗawa rami ɗaya. Ka ce awa biyu da rabi ka yi. Da yawa za su danna 2.30 a kalkuleta, alhali 2.5 ce, don 30 ÷ 60 = 0.5. Ka raba 300 da 2.5, matsakaicin gudunka kilomita 120 a awa, wato kimanin mil 75. Ka ga ya yi daidai da wanda ya riƙe allura a kan 80 yana ɗan sassautawa nan da can. Wanda ya danna 2.30 zai sami 130, ya ƙara goma daga iska. Ni hanyar da na fi so, a mayar da komai minti tun farko: awa biyu da rabi minti 150, sai 300 ÷ 150 × 60 = 120. Ɗigo bai shigo ba balle ya rikita ka. Kuma ka lura, awa uku da minti 45 ɗin can lissafin wanda bai tsaya ba ne, bai kuma rage gudu ko sau ɗaya ba. Tsayawa shan mai da cunkoso, kai za ka ɗora su a kai da minti.

Tunda mitarka mil ce, ka duba batun juye tun yanzu. Idan an ce maka a juye baƙin mai bayan kilomita 5,000, a taka mitar mil 3,100 ne. Ka jira ta cika 5,000, ka riga ka wuce kilomita 8,000. Haka lambar da ka gani ranar da ka sayi motar: in ta nuna 100,000, ta yi tafiyar kilomita kusan 161,000, kuma da wannan adadi za ka auna abin da ya isa canji in littafin da kake bi da kilomita aka rubuta shi.

Kafin tafiyarka ta gaba, ka rubuta lambobi huɗu a 'yar takarda ka manna gefen agogon, inda ba za ta rufe komai ba: kilomita 50 allura a kan 31, kilomita 60 a kan 37, kilomita 80 a kan 50, kilomita 100 a kan 62. Duk wanda za ka ba makullin motar nan, ƙaninka ne ko direba, ka nuna masa takardar kafin ya tayar da injin, don shi ma manyan lambobin zai kalla.